Gwaggo Mai Labule da Saƙon 'Yar Latti

In ka shiga layin masu kayan ɗaki ka tambayi Gwaggo Mai Labule, da baki za a nuna maka shagon, don kowa ya san shi. Shago ne ɗan tsukuku mai ƙofa ɗaya, da keken ɗinki a bakin ƙofar, da teburin yanka wanda almakashi ya gama yi wa zane. Daga ciki akwai wani ɗan lungu da take jibge bandir-bandir na yadi, ga gwangwanayen zobban labule, ga sandunan rataya jingine da bango. Ita kuwa mai shagon doguwa ce siririya, tef ɗin awo a wuya kamar da shi aka haife ta, kuma bakinta ba ya ajiye magana. In ka kawo mata awon taga da ka auna da igiya, sai ta dube ka ta saman tabarau ta tambaye ka ko tagar taka ma da igiya aka gina ta.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne Gwaggo tana da harshe na biyu. Tana ƙuruciya mijinta ya tafi da ita wata ƙasa can ƙetaren ruwa, inda yake tuƙin babbar mota. A can ta yi rabin rayuwarta, a can ta koyi ɗinki, a can kuma ta binne shi. Ta dawo gida da keke ɗaya, da akwati, da yaren mutanen can cike da baki, ba ta da wanda za ta yi shi da shi. Sai ya zama da keken take yi. In zare ya tsinke ko allura ta karye, da wancan yaren take zazzaga masa masifa, maƙwabta su yi ta dariya suna cewa Gwaggo ta fara kiran mutanenta.

Ana nan sai ɗan wanta ya dawo daga ƙasar nan da ta baro. Mai gyaran firji ne, shi ya sa kowa ke ce masa Mai Firji. Ya je can aiki a wani gidan sanyaya kifi, takardar zamansa ta ƙare, dole ya tattaro ya dawo. Sai dai bai dawo duka ba, don ya baro mata. Yarinya ce mai aiki a gidan burodin da ke jikin wurin aikinsu, suka ga juna, suka daidaita, aka ɗaura aure. Takardar da za ta ba ta damar biyo shi ba ta fito ba, ga mahaifinta ba lafiya, sai aka tsaya a kan ta jira.

To a nan matsalar take. Shi yaren nasu bai wuce na wurin aiki ba: kawo, ɗauka, ya lalace, gobe. Ita kuma Hausarta ba ta wuce sannu da na gode ba. Da suna tare ba su taɓa jin sun rasa komai ba, don akwai hannu, akwai ido, akwai dariya, akwai wasu 'yan kalmomi da suka harhaɗa wa kansu. Amma waya ba ta ɗaukar hannu. In sun yi kiran ganin fuska, hoton ya riƙa daskarewa, ga lokacin aikinsu ba ya haɗuwa, tana tashi yana tsakiyar aiki. Ya gwada fassarar da waya ke yi, ya rubuta mata magana mai daɗi, ta aiko masa da alamar tambaya. Haka dai ya sauke girman kai, ya zo shagon Gwaggo wata rana da hantsi, ya tsaya yana murza hula.

"Gwaggo, wata alfarma nake nema."

"In labule ne babu bashi."

"Ba labule ba ne. Saƙo nake so ki riƙa juya mana, ni da ita."

Gwaggo ta ajiye almakashi. Daɗi ya kama ta har cikin rai, don ta daɗe tana marmarin wanda zai amsa mata da yaren nan, amma ba ta nuna ba. Ta ce ya jawo kujera.

Ga yadda suka fara. Mai Firji zai zauna gabanta, gwiwa da gwiwa, ya faɗi abin da yake so a faɗa, ita kuma ta danna wayarsa ta ɗauki muryarta da wancan yaren, a tura. Kai ka san wannan aiki ba zai yi kyau ba. Wace ce Gwaggo? Ƙanwar ubansa ce, ita ta yi masa wankan jarirai da ya zo duniya. Ta yaya zai dubi tsabar idonta ya ce yana kewar matarsa? Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ki ce mata ina gaishe ta. Ki ce ina fatan tana lafiya. Ki tambayi jikin Baba." Ranar da ya yi ta maza, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ki ce wa 'Yar Latti ina tunaninta."

"'Yar me?"

"Haka nake ce mata."

"Matar taka ta aure? Don rashin ta-ido?"

Ya sunkuyar da kai. Gwaggo ta auna sunan a ranta, ta juya shi da yaren can, ta ji ya fito kamar zagi: mai makara, wadda ba ta zuwa a kan lokaci. Ta ce a ranta ba da bakinta za a ci mutuncin 'yar mutane ba. Sai ta ɗauki waya ta ce, "Mijinki yana gaida uwargidansa mai daraja, ya ce kina ransa." Ta ji ta gyara magana, har da ɗan gyaɗa kai.

In saƙon yarinyar ya zo kuwa, Gwaggo takan kara wayar a kunne ta saurara har ƙarshe. Saƙo ne mai tsawo, da dariya a ciki, da jan numfashi, wani wurin murya ta yi ƙasa. Kunnuwan Gwaggo su yi zafi don kunya. Ta ajiye wayar ta ce, "Ta ce tana lafiya, Baba da sauƙi, tana gaishe ka sosai."

"Duk tsawon nan?"

"Sauran surutun mata ne."

A cikin duk saƙon, kalma ɗaya ce Mai Firji yake kamawa da kansa, wadda yarinyar ke buɗe magana da ita. Suna ne da ta laƙaba masa da yarensu, ma'anarsa 'yar ƙaramar butar shayi, wai don in yana aiki ba ya rabuwa da fito. Da ya ji sunan sai fuskarsa ta washe, ya tashi ya koma wurin firjinsa yana fiton. Gwaggo ta san ma'anar sarai, amma ba ta taɓa maimaitawa ba. Ita a ganinta namiji mai gemu ba buta ba ne.

Haka aka yi ta tafiya har damina ta wuce. Saƙonnin yarinyar suka fara gajarta. Dariyar ta ragu, sannan ta ɓace. Wata rana Mai Firji ya saurari saƙo sau biyu kafin ya miƙa wa Gwaggo, ya ce, "Ta daina kirana da sunan."

"Girma ne ya zo mata."

"A'a, Gwaggo. Ba girma ba ne."

Ba a jima ba labari mai daɗi ya zo, takarda ta fito. Mahaifin ya samu sauƙi, yayar yarinyar ta ɗauke shi ya koma gidanta. Babu abin da ya rage sai ta ajiye aiki ta taho. Mai Firji ya shigo shagon da gudunsa, hannu duk baƙin mai, ya ce ga saƙo ya shigo, lallai ranar tahowa za ta faɗa. Gwaggo ta kara waya a kunne tana murmushi. Kafin saƙon ya kai rabi murmushin ya tafi.

Yarinyar ba da mijinta ta fara ba, da Gwaggo ta fara. Ta ce, "Uwa, ke da ke tsakaninmu, ina roƙonki ki faɗa masa wannan duka, kada ki rage." Sannan ta ce takarda tana hannunta amma ƙafarta ta ƙi ɗaguwa. Ta ce mutumin da ke aiko mata da gaisuwa mutumin kirki ne, mai ladabi, amma ba ta san shi ba. Wanda ta aura yana tsokanarta, yana kiranta da wani suna da babu mai kiranta da shi a duniya, kuma tun da ya tafi ba ta ƙara jin sunan ba. In ya koma cikin danginsa ya ga ita kuskure ce, ya faɗa mata tun tana da aikinta da 'yan'uwanta kusa, kada ta bar komai ta je ta zama baƙuwa a gidan baƙo.

Gwaggo ta sauke wayar a hankali. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ta gane maganar tun kafin yarinyar ta ƙarasa. Ita ma marigayi yana da sunan da yake kiranta da shi in sun rufe ƙofa, sunan da ko uwarta ba ta taɓa ji ba. Da a ce wata rana ya aiko mata da "uwargida mai daraja", da ta san an yi mata kishiyar zuciya ko kuma ciwo ya kama shi. Ga shi ita da bakinta ta yi wata da watanni tana aika wa 'yar mutane wannan.

"Me ta ce? Yaushe za ta taho?"

Gwaggo ta cire tabarau. Karo na farko ta mayar da saƙo farko, ta riƙa tsayar da shi jimla-jimla tana faɗa masa da Hausa, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Mai Firji ya yi tsuru-tsuru, idonsa ya kaɗa. Da ta gama ya ce, "Amma ai na faɗi sunan. Na ce ki ce mata."

"Ka faɗa sau ɗaya kamar mai satar nama, ni kuma na cire. Naka laifin kunya, nawa laifin iyayi. Tashi ka wanke hannu, aiki ne a gabanmu."

Kafin ya dawo ta jawo wani yadi mai kauri, ruwan ƙasa, wanda wani mai otal ya sa aka yanka bai dawo ya karɓa ba. Ta zura masa zobba, ta sa sanda, ta rataye shi a bakin lungun yadi. Ta tura Mai Firji ciki da wayarsa.

"Shiga. Ka yi mata magana da Hausa, da bakinka, kamar tana zaune kan bandir ɗin nan. Ba ni kake wa magana ba. Ni zan taka keke, ba na jin komai."

"In ba ta gane ba fa?"

"Ganewa aikina ne. Kai dai naka murya."

Ta zauna ta taka keke da ƙarfi, tana ɗinke wani ƙyalle da ba ya buƙatar ɗinki.  Can sai ta ji gunaguni daga bayan labule, ya tsaya, ya sake farawa, har dai maganar ta kama hanya. Ya daɗe a ciki. Da ya fito bai yarda sun haɗa ido ba, ya ajiye wayar a kan teburin yanka, ya ce zai je ya duba wani firji.

"Babu inda za ka. Koma ciki ka zauna, zan buƙace ka."

Ta sa abin sauraro a kunne ta saurari saƙon gaba ɗaya, ba ta taɓa komai ba, don ta ji inda ya dosa. Sannan ta dawo farko ta riƙa ɗaukarsa gutsure-gutsure. Kalmar farko ita ce 'Yar Latti. Ta ɗaga murya ta tambayi labulen, "Sunan nan daga ina ya samo asali?"

Mai Firji ya amsa daga bayan labulen. Ranar da ya fara ganinta, an kira shi ya duba firjin gidan burodi, ita ke riƙe da mabuɗi, ta bar shi tsaye cikin ruwan sama har ya jiƙe sharkaf. Da ta iso ya nuna mata agogon hannunsa ya ce 'yar latti. Ta maimaita, ta yi dariya, ta ba shi burodi mai zafi. Tun daga ranar sunan ya bi ta.

"Ta san ma'anarsa?"

"Ta sani. Ita ma in ta makara da kanta take faɗa."

Nan Gwaggo ta yanke hukuncin da ba ta sake karyawa ba. Sunan ba na Hausa ba ne, ba na yaren can ba ne, nasu ne su biyu. Don haka ba za ta juya shi ba, ba za ta yi masa ado ba, za ta ɗauke shi yadda yake ta ajiye a tsakiyar wancan yaren. Ta kuma daina cewa "ya ce". In ya ce ina kewarki, ita ma ina kewarki za ta ce, don "ya ce yana kewarki" maganar mai kai rahoto ce.

Yanke hukuncin ya fi aikata shi sauƙi. Ta danna ɗauka, ta buɗe baki, sai ta ji harshen ya ƙi. Ashe yaren da take taƙama da shi na kasuwa ne da asibiti da faɗa da mai gidan haya. Ta iya taya kaya, ta iya zagin direba har ya sauke ta, amma ba wanda ya taɓa yi mata zancen so da shi, don marigayi da Hausa yake nasa. Mai Firji ya ce har yanzu a gefen gado yake kwana, ya bar mata wajen bango. Wannan ta iya. Ya ce yana kewar ƙafafunta masu sanyi da take cusawa ƙarƙashin nasa da asuba in za ta tashi aiki. Nan Gwaggo ta tsayar, ta yi salati, ta sha ruwa, ta dubi hanya ko wani na zuwa. Sannan ta faɗa, yadda ya faɗa, da ƙafafun da sanyin da komai. Ta goge ta sake, don karon farko ya fito kamar tana karanta sunayen magani.

Akwai inda ya ce, "Ke ce dai, ke ce dai, ke ce dai." Da can da ta dunƙule shi ya zama ɗaya. Yanzu ta bar shi yadda ya jero shi, don ta lura a na ƙarshen muryarsa ta karye. Akwai inda ya yi dariya, ta yi shiru daidai wurin, tun da dariya ba ta neman tafinta. Akwai inda ya ce yana begenta, ta rasa kalmar da za ta ɗauki nauyin wannan, don wadda ta sani ta kewar gida ce da abinci. Ta tambayi labulen me yake ji in ya ce bege. Ya ce in ya ji ƙamshin burodi a hanya sai ya tsaya kamar an kira shi. Sai ta faɗi hakan, ta bar kalmar ta tafi.

Da ta gama ta mayar masa da abin da ta faɗa da Hausa, ta bayan labule, don ya ji ko ta ƙara ko ta rage. Ya gyara mata wuri ɗaya. Sannan suka tura biyu a jere, muryarsa tukuna, tata a baya. Daga ƙarshe ta ɗauki na uku, gajere, ta fara da cewa, "Wannan Gwaggo ce, ba shi ba." Ta gaya wa yarinyar cewa mijinta bai yar da sunan ba, ita ce ta tsare shi a hanya don tana ganin bai dace ba. Ta ce daga yau duk abin da ya fito daga bakin ɗayansu zai isa kunnen ɗayan, mai daɗi da mara daɗi. Ta kuma roƙe ta ta koya mata kalmomin da masoya ke yi da su yanzu, don nata yaren ya tsufa tare da ita.

Amsa ba ta zo ranar ba, ba ta zo washegari ba. Mai Firji ya riƙa zarya tsakanin rumfarsa da shagon har maƙwabta suka fara tambaya ko ɗinkin labule yake koyo. Gwaggo ta yanka yadin wata mata ba daidai ba, abin da ba ta taɓa yi ba, ta huce a kan keke. Tsoro take ji, tsoron kada a ce gyaran ya zo a makare, auren yaron nan ya mutu a bakinta.

Ana cikin haka wata rana bayan azahar ya shigo da waya a tafin hannu kamar mai ɗauke da ƙwai. Bai buɗe ba, ya kasa. Gwaggo ta karɓa, ta ajiye a kan tebur, ta danna yadda duk za su ji. Aka ji jan hanci, sannan muryar yarinyar ta fito da kalmar nan tata, 'yar butar shayi, ta ja ta a hankali.

Gwaggo ta buɗe baki za ta fara aiki. Mai Firji ya ɗaga hannu.

"Gwaggo, wannan na ji."

Ya shige bayan labule da kansa, ya zauna kan bandir. Ita kuma ta bi saƙon jimla-jimla. Sunan ta bar shi da yaren can, yadda kunnensa ya saba. Yarinyar ta ce ta saurari muryarsa har ba ta san adadi ba kafin ta buɗe fassarar, kuma tun a kalmar farko ta san mijinta ne. Ta ce rigar aikinsa da ya manta tana nan ba ta wanke ba. Ta ce shi sakarai ne da ya bar ta tana kuka a kan kwaɓin burodi. Gwaggo ta faɗi sakaran da Hausa, ba ta sassauta ba, har da ɗan jin daɗi. Daga ƙarshe yarinyar ta ce ta gaya wa mai gidan burodi ya nemi wata, tana tahowa.

Gwaggo ta dubi labule. Can sai aka ji fito daga bayansa, siriri, yana rawa.

Kafin tahowar an ɗauki 'yan makonni, kuma a cikinsu Gwaggo ta zama gwana. Yarinyar ta riƙa aiko mata da nata saƙon daban, tana koya mata kalmomi, suna dariyar tsofaffin da Gwaggo ke amfani da su, wai rabon da a ji su tun zamanin kakarta. Har faɗa ma'auratan suka yi a kan wane kaya za ta taho da shi, Gwaggo ta kai wa kowa nasa da zafinsa, ko da yake harshenta ya yi ta ƙaiƙayin ya sa baki. In tana da ra'ayi sai ta jira a gama, ta ce, "Wannan Gwaggo ce," sannan ta faɗi nata. Ba ta taɓa ajiye saƙo ɗaya a wayarta ba. Uwar Mai Firji, matar wanta, ta zo har shago da 'yar dabararta, wai me yaran nan ke cewa ne haka kullum.

"Suna gaishe ki," in ji Gwaggo.

"Haba, duk zaryar nan?"

"Sauran surutun yara ne. Miƙo min almakashin nan."

Ranar isowa motar da ta ɗauko ta daga filin jirgi ta makara, har abincin da aka dafa ya huce. Babu wanda ya yi mamaki. Gwaggo ba ta je taryar ba, ta ce tana da aiki, alhali kunya ce ta hana ta. Ta yaya za ta dubi yarinyar da ta yi makonni tana gaya wa zancen ƙafafu masu sanyi?

Washegari da hantsi sai ga su a ƙofar shago. Yarinyar 'yar gajera ce mai kumatu, da tabon ƙunar tanda a hannu. Gwaggo ta miƙe ta yi mata maraba da yarensu. Jin muryar ke da wuya yarinyar ta rufe fuska da tafukanta, ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, ta faɗa jikin Gwaggo. Ta ce wannan muryar ce ta riƙa ce mata ina kewarki. Gwaggo ta ce to yanzu ga mai kewar nan, ita kam ta sauke nauyi.

Suka zauna. Mai Firji ya ce wani abu rabi Hausa rabi hannu, matarsa ta harare shi ta bugi kafaɗarsa, ta mayar masa da nata. Gwaggo ta gyara zama za ta fassara, sai ta ga babu wanda ya dube ta. Ta ji wani abu ya ɗan soke ta a ƙirji, daɗi ne da kewa a haɗe, ta jawo ƙyalle ta kama ɗinki.

Yarinyar ta tashi ta taɓa labulen nan mai ruwan ƙasa, ta tambaya ko shi ne. Aka ce shi ne. Ta ce shi take so a ƙofar ɗakinsu. Gwaggo ta ce yadin otal ne, ba shi da kyau, za ta ɗinka mata mai fure. Yarinyar ta girgiza kai. Dole Gwaggo ta hau kujera ta sauke shi, tana mita, ta shimfiɗa a tebur ta soma kalmashe bakinsa.

Tana cikin ɗinkin yarinyar ta matso kusa, ta rage murya, ta tambaye ta da yarensu, "Uwa, ke naki mijin me yake ce miki?"

Ƙafar Gwaggo ta tsaya a kan keke. Tun da aka binne marigayi sunan bai sake shiga kunnenta ba, bai kuma fita daga bakinta ba. Ta dubi yarinyar, ta dubi hanya. Sannan ta sunkuya ta raɗa mata shi a kunne, da Hausa, yadda yake faɗarsa. Yarinyar ba ta san ma'anarsa ba, ba ta kuma tambaya ba. Ta maimaita shi a hankali, ta riƙe hannun Gwaggo.

"Me kuke cewa ne?" in ji Mai Firji. "Gwaggo, a fassara mana."

Gwaggo ta share ido da bakin mayafi, ta mayar da tabarau.

"Wannan ba a fassara shi," ta ce. "Kama min bakin labulen nan, kada ya ja ƙasa."